Lissafin gefen takarda: a ba shi maki ko a bar shi?

Malama Rabi:
Malamai, ku raba mana gardama. Tambaya ce mai maki 4: a warware 2x² − 5x − 3 = 0. Yaro ya rubuta amsa x = −3 ko x = 1/2, alhali amsar 3 ce da −1/2. Inda aka bar masa don aiki babu ko ɗigo. A gefen takarda ne ya yi wani rubutu kamar tonon kaji: 25 + 24 = 49, a ƙasa 7, sai −5 + 7 = 2 da −5 − 7 = −12, da wani 4 a ƙarƙashinsu. Na ba shi 2, abokin aikina ya ce sifili. Wa ke da gaskiya?

Malam Habu:
Abokin aikinki. Gefen takarda wurin tunanin yaro ne, ba da ke yake magana a wurin ba. Da yana son a duba, da ya kwafe shi a inda aka ce. In kika fara tsintar maki a gefe, gobe kowa zai cika takarda da lambobi ya ce ki zaɓi na kirki.

Malama Rabi:
To ai 49 ɗin ba daga sama ta faɗo ba, Malam.

Malam Habu:
Ko daga takardar na kusa da shi.

Malam Isiyaku:
Malam Habu, mai satar amsa amsar ƙarshe yake ɗauka, ba ya tsayawa kwafar 25 + 24. Kuma ni ban yarda wuri ne ke kashe maki ba. A tsarin makin lissafi da hukumomin jarabawa irin su Cambridge da Edexcel ke amfani da shi, maki iri-iri ne. Wanda ake rubutawa M na hanya ne, wato an ga yaro ya ɗauki hanyar da za ta kai shi. Wanda ake rubutawa A na dacewar lamba ne, kuma ba a ba da shi sai an fara samun M ɗinsa. B kuwa zaman kansa yake yi. Babu inda aka ce sai rubutu ya yi kyau kafin M ta faɗo. Abin da ake tambaya shi ne ko ana iya karantawa, ko na wannan tambayar ne, kuma ko ya nuna matakin da tsarin ya ambata.

Malama, ban ga tsarin makinki ba, amma bari in ɗauka 1 ne na sa lambobi a fomular da ake warware irin wannan tambaya da ita, 1 na samun 49 mai zaman kansa, sai ɗai-ɗai na amsoshin biyu. 25 + 24 ta isa shaida. Yaron ya san (−5)² tana ba da 25, ya kuma san −4 × 2 × (−3) tana komawa +24, wurin da yara da yawa ke faɗuwa su rubuta 25 − 24 = 1. Wannan makin nasa ne, ko a bayan takarda ya rubuta.

Matsalar tana wajen −5. Fomula da −b take farawa, b kuma −5 ce, don haka 5 ya kamata ya sa. Dalili biyu na iya sa shi rubuta −5. Ko dai ya san fomular, hannu ya zame masa wajen alama, ko kuma a kansa fomular da b take farawa, bai taɓa riƙe alamar ragin ba. Na farko kuskuren lissafi ne, na biyu hanya ce mara kyau. Da ya rubuta fomular ko da a karkace a can kusurwa, da mun san wanne ne. Edexcel ma haka take gaya wa masu duba takardun A Level: wanda ya rubuta fomula daidai yana iya samun makin hanya ko ya yi ɗan kuskure wajen sa lambobi, wanda bai rubuta ba kuwa yana iya rasa shi da zarar kuskure ya shiga aikin. Ni 1 zan ba shi.

Malama Rabi:
Allah gafarta Malam, ya haɗa 7, ya debe 7, ya raba da 4. Wanda bai san fomula ba ta ina zai san duk wannan? Na san yaron nan, a aji daidai yake faɗinta.

Malam Isiyaku:
Nan ne na tsaya, ranki ya daɗe. Kin san shi, ni ban san shi ba, kuma ya kamata takardar ta samu maki ɗaya a hannunmu. In sai na ƙara masa layin da bai rubuta ba kafin makin ya tsaya, to ni na yi aikin.

Jamilu:
Ni abin da ya same ni ke nan a shekarar ƙarshe ta sakandare. Amsata daidai take, malamin ya ba ni 1 cikin 5 wai ban nuna aiki ba. Har yau abin na min ciwo. Amsa ai ita ake nema.

Malam Habu:
Jamilu, taka ta juye. Kai kana da amsa ba aiki, wannan yana da aiki ba amsa.

Hajiya Binta:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Da dama daga manyan jarabawoyi yanzu a kwamfuta ake dubawa, hoton takardar ake ɗauka a tura wa mai dubawa, wani lokaci yankin tambaya ɗaya kaɗai. Shi ya sa ake buga gargaɗi cewa kada a yi rubutu a wajen akwati ko a gefe. Abin da ya fita daga hoton zai iya wucewa ba wanda ya gani. Saboda haka rabin maganar Malam Habu tana nan. In muka saba wa yaro da samun maki a gefe, ranar babbar jarabawa aikinsa zai iya zama a inda ido bai kai ba.

Malam Habu:
Yawwa. Kuma ku amsa min batun mai cika takarda da lambobi.

Malam Isiyaku:
Wannan an yi masa magani. In yaro ya bar hanya biyu bai soke ko ɗaya ba, ba mai dubawa ne zai zaɓar masa mai tsoka ba. A GCSE, jarabawar sakandare ta Edexcel, ana bin hanyar da ta kai ga amsar da ke kan layin rubuta amsa, in kuma babu amsa a layin, a duba duka biyun a ba shi mafi ƙaranci. Aikin da aka soke ma ana dubawa muddin ana iya karantawa kuma ba a maye gurbinsa da wani ba. A takardar Malama Rabi hanya ɗaya ce, kuma 2 bisa 4 da −12 bisa 4 su ne suka haifi 1/2 da −3 da ke kan layi. Babu zaɓen da za a yi masa.

Hajiya Binta:
Ni da zan ba shi makin 49 ɗin, in zagaye gefen da jan biro in rubuta masa cewa wannan karon kaɗai ne.

Malam Habu:
Sai sauran yaran da kika riga kika duba takardunsu ba ki leƙa gefe ba fa?

Malama Rabi:
Wannan kam ta kama ni. Takardu 46 ne, na gama 30, kuma ban tuna na duba gefen kowa ba sai nasa, don na san shi. Zan koma kansu daga farko yau da dare. Amma Malam Isiyaku, batun 1 ko 2 ban sauka ba. Tsarin da muka rubuta cewa ya yi "sa lambobi a fomula", bai ce ko an yafe kuskuren alama ɗaya ba.

Malam Isiyaku:
To ku zauna da abokin aikinki ku tsayar da wannan kafin ki buɗe takarda ta farko. In kun yafe alama ɗaya, 2 ɗinki ta tsaya, amma har da wanda ya rubuta 25 − 24 sai ya ci makin hanya, shi ma alama ɗaya ya ɓata.

Malama Rabi:
Kai, wannan kuma ban shirya ba shi ba.