Fassarar takardar haihuwa don neman biza: wane hatimi ake bukata?

'Yar Damagaram: Assalamu alaikum. Maigidana yana aiki a Manchester, muna shirin neman biza ni da ɗanmu mu je mu same shi. Takardar haihuwar yaron da Faransanci take, daga ofishin magajin gari na Damagaram. Wani ya ce fassarar ba ta karɓuwa sai da hatimin kotu, wani ya ce sai na ma'aikatar harkokin waje a Yamai. Waɗanda suka taɓa yi, ku faɗa min yadda kuka yi.

Baban Hafsat: Wa alaikumus salam. Hajiya, gaskiya suka faɗa miki. Lokacin da na nemi ɗauko iyalina zuwa Italiya, sai da na kai takardun yara ma'aikatar harkokin waje a Abuja aka buga hatimi, sannan aka fassara zuwa Italiyanci, sannan ofishin jakadancinsu ya buga nasa. Kada ki fara da fassara. Wanda muka bi layi tare da shi ya fara fassarawa, da aka ƙara hatimin ma'aikata a bayan takardar sai fassarar ta zama ba ta ƙunshi komai da ke jiki ba, ya sake biyan kuɗin sabuwa. Duk ƙasashen Turai haka suke.

Malam Tafinta: Baban Hafsat, tsarin da ka ba da daidai ne ga inda ake neman hatimin ma'aikata: a gama buga komai, fassara ta zo ƙarshe. Amma ba duk Turai ba ne. Birtaniya ba ta da tsarin rantsattsun masu fassara irin na Faransa da Jamus, kuma ba ta cewa a kai fassarar kotu. Abin da take so a jikin fassarar shi ne mai fassara ya rubuta cewa wannan fassara ce ta gaskiya ta asalin takardar, ya sa ranar da ya yi ta, cikakken sunansa da sa hannunsa, da adireshi ko lambar da za a same shi idan ana son tabbatarwa. Hatiminsa na ofis yana ƙara wa takarda kwarjini, amma in babu lambar tuntuɓa, hatimi goma ba su cike gurbin ba.

Inda na fi ganin matsala shi ne fassarar da ta tsallake wani abu. Takardar Nijar a sama akwai sunan ƙasa da taken nan nata, da jiha da gunduma da cibiyar da aka yi rajista, da lambar takardar. Duk a fassara su, a jera su yadda suke a asali, domin jami'in da bai iya Faransanci ba ya ajiye biyun gefe da gefe ya bi layi-layi. A ƙasa akwai zagayayyen hatimi da sa hannun jami'in rajista, wani lokaci da kan sarki manne. Ba a kwafo hoton hatimin a liƙa a fassara. Ana buɗe baka mai kusurwa a rubuta cewa nan akwai zagayayyen hatimi, ga abin da ke rubuce cikinsa. Idan tawada ta dushe rabin rubutun ba ya karantuwa, a rubuta abin da ake gani a ce sauran ba ya fita, kada a yi hasashe. Haka sa hannu: a ce akwai sa hannu, ba a kwaikwaya. Ki kuma juya takardar. In akwai rubutu a baya ko a gefe, shi ma yana ciki.

Sani Kwari: Ni ban yi wata fassara ba wallahi. An haife ni kafin 1992, don haka Hukumar Ƙidaya ta Najeriya takardar shaidar haihuwa ta ba ni maimakon satifiket, na haɗa da rantsuwar shekaru daga babbar kotu, aka karɓa. Ki je ki yi rantsuwa kawai.

Malam Tafinta: Sani, taka da Turanci take tun asali, shi ya sa. Tata da Faransanci, kuma yaro ne mai takardarsa. Rantsuwa ba ta da aiki a nan.

Maman Fadila: 'Yar'uwa, ki zauna ki karanta fassarar da kanki kafin ki bar ofishin, ko da ba ki jin Turanci sosai, lambobi da sunaye dai kina iya dubawa. Tawa ta Amurka ce. An haifi Fadila 3 ga Afrilu, a takarda an rubuta 03/04. Mai fassarar ya bar lambobin yadda suke, su kuma can wata suke fara rubutawa, sai ya zama kamar 4 ga Maris. Maigidana ne ya gano tun kafin a tura, muka koma aka rubuta sunan watan da haruffa. Sannan mai fassarar ya so ya mayar da Aboubacar zuwa Abubakar wai haka ake rubutawa da Turanci. Muka hana. Suna ba a fassara shi.

Can su ma ba su nemi hatimin lauya ba, sai dai mai fassarar ya sa hannu cewa fassarar cikakkiya ce kuma daidai, kuma ya iya harsunan biyu.

Ɗan Katsinan Maraɗi: Masu zuwa Kanada kada ku ɓata kuɗinku, suna karɓar Faransanci yadda yake. Ƙanwata da aka haifa a Makka ce ta buƙaci fassara saboda tata da Larabci take. Ni na iya Larabci, amma ba su yarda ɗan'uwa ya yi ba. Shekarar Hijira ce a jiki, mai fassarar ya rubuta ta yadda take, sannan ya ƙara bayani a baka mai kusurwa cewa ta yi daidai da rana kaza ta Miladiyya.

'Yar Damagaram: Allah ya saka muku da alheri. Malam, na ɗauko takardar na duba yanzu, ga wata sabuwa. A wurin sunan uba an rubuta Boubacar, a fasfonsa kuwa Aboubacar. Ba za a iya ƙara harafin a fassara ba? Harafi ɗaya ne fa.

Malam Tafinta: A'a Hajiya. Ni dai ba zan sa hannu a kan haka ba, kuma wanda ya yarda ya yi miki ya cuce ki. Asali da fassara tare ake ɗora su. Jami'i ya ga sun saɓa, maganar ta tashi daga kuskuren magatakarda ta koma zargin an taɓa takarda, wanda ya fi ƙin biza sau ɗaya muni. Mai fassara zai rubuta Boubacar yadda yake. Gyara daga tushe ake yi: ki koma inda aka yi rajistar, su faɗa miki ko su za su gyara ko sai an bi ta kotu, a fitar da sabuwa, sannan a fassara. In hukuncin kotu ya shigo, shi ma a fassara shi a haɗa.

Maman Fadila: Ni da ni ce ba zan jira kotu ba. Takardar aurenku da sauran takardunsa in duk Aboubacar suke ɗauke da shi, ki haɗa da gajeriyar wasiƙa mai bayanin cewa mutum ɗaya ne. Maƙwabciyata haka ta yi ta wuce.

Baban Hafsat: Ta wuce a wace ƙasa? Kuma a nan fa takardar ce hujjar cewa shi ne uban yaron. Ni ba zan yi caca da kuɗin biza a kan wasiƙa ba.

'Yar Damagaram: Gobe in Allah ya kai mu zan je ofishin magajin garin in ji tsawon lokacin da gyaran zai ɗauka. In ya wuce wata biyu zan dawo mu sake shawara, don muna son yaron ya riski farkon zangon makaranta a Satumba.