Neman kalma: me za mu kira "ansa bukulet" a jerin kayan mai sa ido?

Malam Sani, Aboabo:
Assalamu alaikum, malamai. Ina rubuta wa masu sa ido a jarrabawar gwaji ta makarantarmu jerin kayan da za su karɓa su sa hannu, kuma na so ya kasance da Hausa domin malaman ɓangaren Islamiyya da ke taimaka mana. Takardun tambayoyi, jerin wuraren zama, biro, fensir 2B, magogi, zaren ɗauri da ambulan duk sun zauna lafiya. Abin da ya gagare ni shi ne ɗan littafin nan da ɗalibi ke rubuta amsarsa a ciki. Na fara sa "takardar amsa", sai na ga sunan ya fi dacewa da falle ɗayan nan da ake cike gurabensa da fensir.

Hajiya Rabi, Asawase:
Wa alaikumus salam. Malam, ai "mai sa ido" ya wadatar, ko ka ce "mai tsaron jarrabawa", kowa zai gane.

Malam Sani:
Hajiya, wannan na riga na yi amfani da shi, littafin nake tambaya.

Idrisu, Sabon Zango:
To me zai hana a ce "littafin amsa"? Yana da bango, yana da shafuka, ban ga abin da ya raba shi da littafi ba.

Malam Baba Tanko, Asokore Mampong:
Idrisu, ka kusa, amma ka tsaya gaban yara ka ce za a raba musu littafin amsa ka ga yadda fuskokinsu za su washe, domin abin da kunne ke ji shi ne littafin da amsoshi suke ciki. Ni kuma a ganina, Malam Sani, kalma biyu kake bukata, saboda abin da aka ba ka da safe da abin da za ka mayar ba lissafinsu ɗaya ba.

Na taɓa tsaron wani aji a jarrabawar gwaji, jerin zama ya nuna ɗalibai 42, aka ba ni littattafai 45. Yara biyu ba su zo ba, uku kuma suka cika nasu suka nemi ƙarin falle. Abokin aikina ya tattara, ya ƙirga duk abin da ke da rubutu, ya rubuta 43 a bayan ambulan ya liƙe, domin a wurinsa kowanne "takarda" ne. Da aka duba rajistar halarta aka ga hannu 40, sai aka tsare mu har bayan la'asar ana tambayar inda amsoshi uku suka fito. Dole aka buɗe ambulan a gaban babban mai kula, sai ga fallayen uku a sake, ko ɗaure su da zare ba a yi ba, ɗaya ma babu lambar ɗalibi a kansa. Daidai shi ne 40 rubutattu a ambulan, kowane ƙari a ɗaure cikin littafin mai shi, 5 da ba a taɓa ba kuma a mayar da su dabam. In ka haɗa rubutattu da waɗanda ba a taɓa ba, ba su ba ka adadin da ka karɓa ba, kada ka liƙe komai, kada kuma ka sallami yara.

Shawarata ita ce "kundin amsa". Wanda ba a taɓa ba "farin kundi", wanda ɗalibi ya miƙa "rubutaccen kundi", ƙarin kuma "fallen ƙari". Ka bar wa fallen fensir sunan "takardar amsa".

Hajiya Rabi:
Yanzu na fahimta. Amma Baba, a zangon nan in ka ce kundi, hankalin mutane zai tafi ga tarin takardun malam da ke cikin gafaka, masu addu'o'i da laƙani. Mahaifina ko taɓa nasa ba ya bari a yi.

Malam Baba Tanko:
Gaskiyarki, Hajiya, amma kalmar ta daɗe da fita daga gafaka, tunda ana cewa kundin tsarin mulki, kuma "amsa" da ke biye da ita za ta tsare ma'anar.

Idrisu:
Na yarda da rabewar, sai dai "fari" bai kwanta mini ba, domin wani zai ɗauka launin bango ake nufi. Da ni ne, "kundin da ba a rubuta ba" zan sa, ko da ya yi tsawo.

Malam Sani:
Na gode muku. Na sa "kundin amsa" da "rubutaccen kundi", na kuma buɗe gurbi uku a gaban layin: wanda aka karɓa, wanda aka rubuta, wanda ya rage. Maganar "fari" zan gwada ta a kan Ustaz da sauran malamai ranar Litinin. Saura ambulan ɗin mayarwa, domin namu na leda ne mai baki mai danƙo, kuma masinjanmu ya dage cewa wannan jaka ce.