Manhajata tana Play Store amma ba a ganinta sai an rubuta sunanta daidai: ku faɗi yadda kuka yi da naku

Sadiƙu Pantami:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na ɗora manhajar da na haɗa wa masu shago, ta rubuta bashi da cinikin rana. Sunan da na ba ta, sunan 'yata ne na haɗa da wata kalmar Turanci, don a lokacin abin da ya yi mini daɗi ke nan. Shekaranjiya wani mai shagon kayan masarufi a unguwarmu ya ce in sa masa. Na ce ya nema da kansa in gani. Ya rubuta bashi, ya ja ƙasa, ya ja, babu. Ya rubuta lissafin shago, babu. Sai da na karɓi wayar na rubuta sunan harafi-harafi sannan ta fito. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin ke nan duk wanda ya sauke ta, ni na tura masa. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗi abin da ya canza da abin da ya gani bayan nan.

Malam Buba Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Sadiƙu, sunan ne babbar matsalar, kuma ni ma haka na fara. A Play Store babu wani gurbi da aka ware wa kalmomin bincike. Abin da ka rubuta a fili shi ake karantawa, kuma wuri uku ne: `App name` mai haruffa 30, `Short description` mai 80, sai `Full description` mai 4000. A abin da na gani tsawon shekarun da nake wannan aiki, suna ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba. Kai kuma ka cinye shi da kalmar da babu mai nema sai iyalinka.

Kafin ka taɓa komai, kada ka zauna a ɗaki ka ƙirƙiro kalmomi. Lokacin da na yi wa wani dillalin hatsi aiki makamancin naka, kasuwar Tudun Hatsi na tafi na wuni. Ina miƙa wa mutum waya in ce, da a ce kana son abin da zai riƙe maka bashin da kake bin mutane, me za ka rubuta? Wani dattijo ya goge hannu a rigarsa, ya rubuta `litafin bashi` da t guda. Yaron shagonsa ya rubuta `app na rubuta bashi`. Wani bai rubuta komai ba, alamar makirfo ya danna ya yi magana. Mutum biyu da Turanci suka nema, `debt book`. Abin da ya fi ba ni mamaki, ko mutum ɗaya bai rubuta manhaja ba. Mu da 'yan jarida ne muke faɗarta.

Bayan nan ka buɗe Play Store ka fara rubuta kalmomin, kada ka ƙarasa, ka ga abin da yake cike maka. Abin da ya fito da kansa alama ce cewa akwai masu nemansa. Da ni ne kai, ga abin da zan sa:

```
Littafin Bashi: Lissafin Shago
Rubuta bashi, ciniki da kudin shago. Tana aiki ba data. Debt book for traders.
```

Layin farko haruffa 30 ne cif, har da tazara da alamar da ke tsakani. Na biyu 78, ya shiga cikin 80. Amma ka tabbata tana aiki ba data ɗin kafin ka rubuta haka.

Sadiƙu Pantami:
Na gode Malam. Amma na lura kun rubuta kudin, ba kuɗin ba. Kuskure ne ko da gangan?

Malam Buba Jekadafari:
Da gangan ne, kuma ba don ina so ba. Yawancin mutanenmu allon Turanci ne a wayarsu, ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Shi ya sa a suna nake zaɓar kalmomin da ba su da lanƙwasa ko kaɗan, kamar bashi, littafi, shago, ciniki, sai rigimar ta mutu tun daga tushe. A gajeren bayani nakan bi yadda ake dannawa. A dogon bayani kuma ina rubuta Hausa yadda take, da lanƙwasarta.

Zainab Kumo:
Ni a nan na saɓa da Malam, da girmamawa. Ina da manhajar koya wa yara karatun Hausa, ba zai yiwu in rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa a shafin da iyaye da malamai za su karanta ba. Kuma na gwada a wayata, na nemi sunan tawa da ƙ, na sake nema da k, duka biyun ta fito. Don haka ina ganin ɗaya ake ɗaukarsu.

Malam Buba Jekadafari:
Malama Zainab, gwajinki yana da rauni guda. Sunan manhajarki kika nema, a wayar da take ciki. Sauran kalmomin sunan sun isa su fito da ita ko da harafi ɗaya ya bambanta. Ki karɓi wayar wanda bai taɓa sauke ta ba, ki rubuta kalmar mai ƙ ita kaɗai, sannan mai k. Ni da na gwada kudi da kuɗi jeri biyu daban na gani. Amma a kan manhajar koyar da yara, da ni ne ma ba zan ɓata rubutun ba. Masu nemanki ba masu neman Sadiƙu ba ne.

Zainab Kumo:
To zan gwada da wayar ƙanwata idan na je gida. Har yanzu dai ban gamsu ba.

Ɗanjuma Tumfure:
Ku daina wahala. Dogon bayani haruffa 4000 ne, ka cika shi da kalmomi kawai. Bashi, bashi, adashi, kuɗi, rance, debt, loan, ka maimaita kowace sau ashirin. A suna kuma ka sa FREE da tauraro. Haka wani abokina ya yi ta hau sama.

Hajiya Rabi Herwagana:
Ɗanjuma ɗana, kada ka sa yaro a rami. Ni na yi irin wannan, kuma laifina ne, ban karanta ƙa'ida ba. Manhajar adashin matan da nake shugabanta, wanda ya haɗa mana ya bar mini shafin in riƙa gyarawa. Na sa FREE da manyan baƙaƙe a suna, na ƙara alamar jakar kuɗi. Aka mayar mini da gyaran, da saƙon cewa ya saɓa ƙa'idar bayanan shafi. Tun 2021, lokacin da aka rage suna daga haruffa 50 zuwa 30, aka hana sa irin su `free` da `#1` da `best` da 'yan hotunan fuska a suna. Jera kalmomi barkatai ba jimla shi ma yana cikin abin da aka hana.

Inda kake da gaskiya shi ne ana karanta dogon bayanin. Ni abin da na yi daga baya, na rubuta shi kamar ina yi wa mace bayani a tsakar gida: wa ya zuba, wa ya kwasa, ranar kwasar wa ta zo. A ciki na sa adashi a wani wuri, adashe a wani, domin matanmu duka biyun suke rubutawa.

Sannan Sadiƙu, kul ka sa rance ko `loan`. Na taɓa rubuta rance sau ɗaya, sai ga mutane suna saukewa suna zaton kuɗi ake bayarwa. Da suka ga babu, suka goge, wasu suka bar tauraro ɗaya da baƙar magana. Na fi wata ina amsa su ɗaya bayan ɗaya. Kalmar bashi ma tana da wannan haɗarin, shi ya sa littafin da Malam ya sa a gabanta yake da amfani.

Usman Bajoga:
Ni dai shawarata ka biya talla a Facebook, ko dubu biyar ce. Kuma ka nemi masu barkwanci a TikTok su ambace ta. Wa ya san yadda ake cire kuɗin talla daga manhaja zuwa asusun banki na nan gida?

Sadiƙu Pantami:
Usman, wannan wata magana ce daban, ka buɗe mata nata zaren. Ni damuwata wanda ya riga ya shiga yana nema da kansa. Amma ka tuna mini abu: wanda ya ji sunan a bakin wani, dole ya iya rubuta shi. Nawa na yanzu ko ni sai na maimaita sau biyu ake kamawa.

Injiniya Halima Bolari:
Bari in ƙara na ɓangaren iPhone, don kada wani ya kwashi dabarar nan ya kai can. A App Store suna 30 ne, `Subtitle` 30, sannan akwai gurbin `Keywords` mai 100 wanda jama'a ba sa gani. Dogon bayani a can ba ya taimaka wa bincike, saɓanin Play Store. Ana raba kalmomi da waƙafi ba tare da tazara ba, kuma ba a maimaita abin da ke suna. Idan sunan shi ne wanda Malam Buba ya kawo, gurbin zai iya zama haka:

```
ciniki,kudi,kuɗi,litafin,kasuwa,kanti,debt,book,ledger,trader
```

Malama Zainab, kin ga a nan rigimarku ba ta taso ba, sai ki ɓoye mara lanƙwasa a gurbin, ki bar rubutu mai kyau a fili. Sai dai a App Store ba a canza waɗannan sai da sabon zubin manhajar, a Play kuwa kana iya gyara rubutun shafi kaɗai, a duba, a sake shi.

Abu biyu game da Play Console. Na farko, a jerin harsunan shafi na ga Swahili da Zulu da Amharic, ban ga Hausa ba. Don haka Hausarmu a cikin shafin Turanci muke zuba ta, shi ya sa gajeren bayanin Malam ya gauraya harshe biyu. Na biyu, Sadiƙu, kada ka canza komai rana ɗaya. Canza suna kaɗai, ka bar shi mako biyu ko uku, ka duba `Store performance` inda ake nuna kalmomin da aka same ka da su. Idan masu zuwa kaɗan ne, yawancinsu za a dunƙule su a `Other`, ba za ka ga komai ba, kada hankalinka ya tashi. A irin wannan hali ni takarda nake ɗauka, duk Asabar in ari waya biyu in nemi kalmomi biyar, in rubuta matsayin da na fito. `Store listing experiments` yana gwada gajeren bayani da hotuna, amma ba ya gwada suna.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne jefar da sunanka gaba ɗaya. Littafin bashi kowa zai iya sawa gobe, har wanda ya fi ka masu saukewa, kuma shi zai hau kanka. Idan mai shago ya ce wa maƙwabcinsa ya sauke, wanne zai sauke?

Malam Buba Jekadafari:
Wannan gaskiya ce Injiniya, amma sunan da ba wanda ya sani bai kare kowa ba. Littafin Bashi haruffa 14 ne. Da alama da tazara, saura 14. Idan sunan 'yar bai wuce haka ba, sai ya cire lissafin shago ya sa shi, ya mayar da lissafin shago cikin gajeren bayani.

Sadiƙu Pantami:
Haruffa shida ne, zai shiga. Gobe in sha Allahu zan fara zuwa babbar kasuwa da littafi, in ji abin da masu shago goma za su rubuta, kafin in taɓa sunan. Abin da ya rage mini shi ne wanne zai zo gaba, sunan 'yar ko littafin bashi. Na lura a ƙaramar waya wani lokaci ana yanke ƙarshen suna.

Injiniya Halima Bolari:
Ni sunan zan sa gaba.

Malam Buba Jekadafari:
Ni littafin bashi. Ka tambayi mutanen kasuwar goben, ka nuna musu duka biyun a takarda.