Me za mu kira maganin da amfaninsa da gubarsa ke maƙwabtaka?

Halima: Assalamu alaikum. Ina shirya 'yar takardar da za a riƙa ba masu ciwon gazawar zuciya da aka ɗora a kan dijoksin. A manhajar magunguna, kusa da sunansa an rubuta `narrow therapeutic index`. Na sa "magani mai haɗari", amma ban gamsu ba, don tsohuwa na jin haka za ta jefa shi a masai. Malamai, a taimaka da kalma.

Malam Ɗanladi: Wa alaikumus salam, 'yata. Ai Bahaushe ya gama magana: abin da ya yi yawa ya ɓaci. Ki rubuta "maganin da ba a wuce ƙa'idarsa". Kamar gishiri ne a miya, ɗan kaɗan daɗi, da yawa a zubar.

Dakta Sani: Malam, Allah ya ƙara girma, rabin zancen ke nan. Kowane magani ba a wuce ƙa'idarsa. Abin da ya bambanta dijoksin shi ne ratar da ke tsakanin inda yake aiki da inda yake cutarwa. A mai gazawar zuciya muna son ya tsaya tsakanin nanogiram 0.5 da 0.9 a kowace mililita ta jini, kuma da ya haura 2 alamun guba sun fara yawaita. Babbar matsalar ita ce mutum yana iya shan ƙwayarsa ɗaya tak kullum, bai ƙara ko ɓari ba, ya wayi gari maganin ya zame masa guba. In muka ce "ba a wuce ƙa'ida", mai jinya zai ce ai ba mu wuce ba, sai ya kwantar da hankali.

Halima: Dakta, a nan na ɓace. Ta yaya adadi ɗaya zai zama magani jiya, yau ya zama guba?

Dakta Sani: A jikin kowace ƙwayar tsokar zuciya akwai wani ɗan famfo. Aikinsa ya fitar da sodiyam uku, ya shigo da fotasiyam biyu, haka dare da rana. Dijoksin yana zuwa ya maƙale a jikin famfon daga waje ya rage masa gudu. Sai sodiyam ya ɗan taru a ciki. To akwai wata ƙofa da ke fitar da kalsiyam, ita kuwa ba ta aiki sosai sai sodiyam na ciki ya yi ƙasa. Da ta lafa, kalsiyam ya taru, kuma shi ne ke sa tsoka ta matse. Shi ya sa zuciyar da ta raunana take bugawa da ƙarfi, ga shi kuma maganin yana rage mata gaggawa.

Ki lura, amfanin nasa da gubar tasa hanya ɗaya suke bi. A toshe famfo kaɗan, zuciya ta yi ƙarfi. A toshe da yawa, kalsiyam ya cika ya tumbatsa, zuciya ta fara bugun da ba a sa ta ba. Shi kuma fotasiyam da dijoksin kamar kishiyoyi suke a kan famfon nan: in fotasiyam na jini ya wadata, yana hana dijoksin kamawa sosai. In ya ragu, fili ya zama nasa.

Mamman Maraɗi: To ai da sauƙi. Fotasiyam ba kanwa ba ce? Ku rubuta "ƙarancin kanwa a jini", kowa zai gane, mai shan maganin ya riƙa haɗawa da kunun kanwa.

Dakta Sani: Don Allah Malam Mamman, kada wannan ya shiga takarda. Sunan "potash" da ake kiran kanwa da shi a Turancin kasuwa ne ya kawo ruɗanin. Kanwar da muke jefawa a wake, mafi yawanta sodiyam ne, dangin gishiri, abin da ke tara wa mai ciwon zuciya ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta gazawar zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan jego. A bar shi fotasiyam, yadda muka bar sodiyam.

Rakiya Nas: Bari in ba ku wadda na gani a ɗakinmu. Wata Hajiya mai shekara 68, tana shan dijoksin miligiram 0.25 kullum da furosemaid miligiram 40, maganin fitsarin nan da ke sauke kumburin ƙafa. Ta fi shekara lafiya lau. Sai ta yi gudawa kwana uku, ba ta cin abinci, amma ba ta fasa ƙwayoyinta ba, don mai kiyaye ƙa'ida ce. Aka kawo ta tana amai, tana cewa komai ya koma mata rawaya-rawaya, fitila ma da zobe take ganinta. 'Ya'yanta suka ce shawara ce, har sun fara jiƙa mata saiwa. Na duba idonta, fari tas. Mai shawara idonsa ne ke yin rawaya, ita kuwa duniyar ce take gani rawaya. Na kama hannunta, bugu 46 a minti, yana tsallake. Fotasiyam ɗinta 2.8, alhali daga 3.5 zuwa 5 ake so. Maganin fitsari ya zubar da wani, gudawa ta kwashe saura.

Dakta Sani: Kuma akwai na biyu a labarin nan, Sista. Ƙoda ce ke fitar da dijoksin, a hankali ma, kusan kwana ɗaya da rabi kafin rabinsa ya bar jikin mai lafiyar ƙoda. Ruwan jiki ya ƙafe, ƙodar tsohuwa ta ja baya, maganin ya taru. Ga shi ya ƙaru, ga fotasiyam mai tare shi ya ragu. Kun auna yawansa a jini?

Rakiya Nas: Ina! Ba ma yin gwajin a wurinmu. Likita ya tsayar da dijoksin da maganin fitsarin, aka sa mata ruwa da fotasiyam a hankali ana auna jini, aka duba maganiziyam ma. Bayan kwanaki aka mayar da ita kan 0.125.

Dakta Sani: Ko da an auna, yana iya fitowa ƙasa da 2 kuma gubar na nan, in fotasiyam ya faɗi. Amma kada a ɗauka kullum fotasiyam ake ƙarawa. Wanda ya haɗiyi ƙwayoyi da yawa lokaci guda, nasa hawa yake yi, a ƙara masa a kashe shi.

Malam Ɗanladi: To na janye gishirina. Abin da kuke faɗa ya fi kama da mai tafiya a gaɓar kogi: shi bai matsa ba, ruwa ne ya ci gaɓar. Sai a ce "maganin bakin gaɓa". Da na ce "siraɗi", amma wannan kalmar tana da wurinta, ba na son a ja ta zuwa kantin magani.

Mamman Maraɗi: A wajenmu in ka ce gaɓa, wani zai zaci maganin ciwon gaɓoɓi ne.

Halima: Kai, wannan gaskiya ne, kuma masu shan sa tsofaffi ne, duk da ciwon gwiwa suke zuwa. Ni "rata" da Dakta ya faɗa tun farko ta tsaya mini a rai. "Magani mai ƙaramar rata" ga ma'aikata. Ga marasa lafiya kuwa in warware: tsakanin amfaninsa da gubarsa ba nisa, kuma amai, gudawa ko maganin fitsari suna ƙara matso da su, don haka in ɗayansu ya same ki, ko kika daina sha'awar abinci, ko ganinki ya sauya, ki zo asibiti kafin ki sha ƙwaya ta gaba.

Rakiya Nas: Ki cire maganin fitsari daga jerin nan ki ba shi layinsa daban, kusan dukkansu suna shan sa, kada su daina. Ki ce a riƙa zuwa awon jini.

Malam Ɗanladi: "Rata" ba ta nuna cewa abin yana matsowa. Ni dai ina nan kan gaɓata. Ki karanta wa tsofaffi biyar duka biyun ranar asibiti, ki dawo ki faɗa mana wadda suka maimaita daidai.