An turo takardar aiki, an rubuta "yi" kawai

Wata magana ce ta taso kan yadda ya kamata a amsa wa wani ɗalibi da ya ɗora takardar asaimen ɗinsa, rubutu mai kalma 1,500 da ma'aunin maki a ƙasa, ya rubuta "yi", ko sallama babu. Wasu sun ce a share shi kawai, amma yawancin masu koyarwa sun ce a'a, sau da yawa ba lalaci ba ne, yaron bai ma gane abin da ake tambayarsa ba.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce ka fara mayar masa da tambaya: yaushe za a miƙa, me ya riga ya karanta, kuma ya faɗa da bakinsa me malamin ke nema. Daga nan sai ku warware takardar tare, in an ce "kwatanta" to ba bayani ake so ba, abu biyu za a jera a fito da inda suka haɗu da inda suka rabu, kuma in ma'aunin ya ba nazari maki 40 cikin 100 to kusan kalma 600 can za su tafi, ba gabatarwa ba.

Inda aka ɗan yi gardama shi ne misali. Ni dai ina tare da masu cewa ka yi masa misalin a kan wani batu daban, don in ka rubuta sakin layi ɗaya a kan nasa wallahi kwafewa zai yi. Ya kawo daraf, ka nuna inda hujja ta yi rauni, gyaran jimla kuma nasa ne. In ya kasa bayyana abin da ya miƙa ba tare da duba takarda ba, to taimakon ya wuce gona da iri.