Zoben giram 3.2 da naira 75,000 da ta ɓace a sati uku

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Na kwashe adashina, na haɗa da kuɗin raguna biyu, na shiga birni na sayi zoben gwal giram 3.2 a kan naira 480,000. Sati uku kacal buƙatar taki ta taso, na mayar wa mutumin da ya sayar min, wai 405,000 zai biya, kuma da bakinsa ya ce farashin gwal bai motsa ba. Maƙeran nan ba sa tsoron Allah. Ina 75,000 ta tafi?

Ɗan Maƙera: Wa alaikumus salam. Yaya, ki janye kalmar maƙera. Wanda ya zauna a shago gaban gilashi da sikeli ɗan kasuwa ne, ba maƙeri ba. Ni gidanmu maƙeran fari ne tun kakanni, azurfa da tagulla muke ƙerawa, zinariya ma in an kawo. Ba mu taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Direban Ringim: To kai kuma wa ya kira sunan gidanku? Mace ta yi asarar kuɗin raguna kana maganar kakanni.

Ɗan Maƙera: Ai jam'i ta yi. Da an ce direbobi ba sa tsoron Allah da yanzu ka cika mana kunne.

Kawu na Gumel: Mu a wajenmu duk wanda ya taɓa ƙarfe da wuta maƙeri ne. Mai gwal kuwa mai gwal ake ce masa. Yaron nan yana da gaskiya.

Direban Ringim: Kawu, da girmanka, ai duk tafiyarsu ɗaya. Mai shago ya ce kuɗin aiki, maƙeri ya ce kuɗin ƙira, talaka ne dai ke biya. Ni na duba a waya, giram yana wajen 160,000. Ku buga da 3.2, ya ba da 512,000. Kenan fiye da dubu ɗari ya danne mata, ba 75,000 ba.

Tsohon Yaron Shago: Malam direba, bugunka daidai ne, amma farashin da ka ɗauko ba na zobenta ba ne. Wanda ake gani a waya na tsantsar gwal ne, karat 24, kuma ba kasafai ake ƙera zoben sawa da shi ba don yana da laushi, yana lanƙwashewa. Yaya Maman Biyu, don Allah ki leƙa cikin zoben, akwai ɗan hatimi. Wace lamba aka buga? Kuma yana da duwatsu?

Maman Biyu: Sai da na sa yarinya ta haska min da tocila. An rubuta 875. Akwai ƙananan duwatsu farare guda biyar a samansa. Da zan saya ya ce giram 140,000 ne, sauran kuɗin aiki.

Tsohon Yaron Shago: Madalla. 875 karat 21 ke nan, wato a cikin kashi dubu, 875 ne gwal, sauran jan ƙarfe ne ko azurfa da ake haɗawa don ya yi ƙwari. Da 750 kika gani, karat 18 ne, da 916 ne kuma karat 22. In tsantsa yana 160,000, to a buga da 0.875, sai ya ba da 140,000 cif. Kenan a farashin giram bai cuce ki ba.

Yanzu ranar saye. Giram 3.2 sau 140,000 ya kama 448,000. Kin biya 480,000, saura 32,000, shi ne kuɗin aikin, wato 10,000 a kowane giram. Wannan kuɗin ranar da kika fita daga shagon ya tafi, domin mai saye daga hannunki nauyi yake saye, ba ado ba. Sau da yawa ma narkar da shi za a yi.

Ranar mayarwa kuma, na shekara shida ina tsaye bayan irin wannan sikelin, na san yadda ake yi. Ya cire nauyin duwatsu, ina kyautata zaton giram 0.2, ya bar giram 3 daidai. Sannan ya saya a farashin saye, wanda kullum yana ƙasa da na sayarwa. In ya sa 135,000, sau uku ya ba da 405,000, daidai da abin da ya faɗa miki. Ga inda kuɗinki ya shiga: 32,000 aiki, 15,000 ratar saye da sayarwa, 28,000 kuma duwatsun da kika saya a farashin gwal.

Maman Biyu: Wallahi haka ya yi! Ya ce a cire ɗigo biyu na dutse. Amma ranar da zan saya bai ce komai a kan dutse ba, ɗora shi kawai ya yi a sikeli ya juyo min da lambar.

Tsohon Yaron Shago: To nan ne ni ma raina bai kwanta ba. Kuɗin aiki halal ɗinsa ne, ratar farashi ma ita ce ribar shago, da ita yake biyan haya. Amma irin waɗannan ƙananan duwatsun yawanci na ado ne kawai, kusan ba su da wata daraja. A auna miki su a matsayin gwal ranar sayarwa, a cire su ranar saye, wannan sikeli biyu ke nan. Har kuɗin aikin ma an buga shi da nauyin dutsen. Da ni ne, a kan 28,000 ɗin nan kaɗai zan koma in yi magana, ba a kan duka 75,000 ba. In kika je da maganar duka, zai fito da kalkuleta ya kayar da ke a gaban mutane.

Ɗan Maƙera: Kun ji ko? Kuɗin aiki halal ne. A daina zagin masu aikin hannu.

Direban Ringim: Wane aikin hannu? Zoben da inji ya buga a Dubai, aka zubo su a jaka. Wa ya yi gumi a kansa da za a karɓi 32,000?

Ɗan Maƙera: Injin shi ya kunna kansa? Wa ya dasa duwatsun, wa ya goge? Kuma ko a maƙerarmu, in ka narka gwal ka yi ta goga da gogewa, sai ya ɗan ragu. Wa zai ɗauki wannan ragin?

Direban Ringim: Ɗazu ka ce ba ruwanku da masu shago, yanzu kuma kai ne lauyansu.

Kawu na Gumel: Ni abin da ban gane ba, me ya kai namiji sa zoben zinariya? Ai haramun ne ga maza. Azurfa aka halatta mana.

Amaryar Bana: Kawu, mace ce ta saya, kuma don ajiya ta saya. Ka koma sama ka karanta.

Kawu na Gumel: To Allah ya ba da haƙuri, 'yata. Amma da ta bar ragunan da yanzu sun yi ƙiba.

Hajiya Babba: Ku bar zancen raguna, rago yana mutuwa, gwal ba ya mutuwa. Ni sarƙar da na sayo shekarar da na sauke farali, da na tashi aurar da autata na sayar da ita ninkin abin da na saya har da ɗoriya. Ban taɓa jin an cire min wani kuɗin aiki ba. Wannan mutumin dai ya ga 'yar ƙauye ne.

Tsohon Yaron Shago: Hajiya, an cire miki, ba ki ji zafinsa ba ne. Shekaru sun wuce, gwal ya hau a duniya, naira kuma ta faɗi, ribar ta rufe ragin. Ita sati uku ta yi. Ki duba: gwal ɗin da ke hannunta giram 3 ne. Kafin ta mayar da 480,000 ɗinta, sai farashin da masu shago ke saye ya kai 160,000 a giram, wato ya ƙaru da 25,000 daga inda yake. Kafin nan duk ranar da ta sayar da ragi za ta sayar.

Hajiya Babba: Kai yaro, ni za ka koya wa gwal? Tun ba a haife ka ba nake sa ɗan Saudiyya. Kayan yanzu ne ba su da albarka.

Amaryar Bana: Hajiya, ba ɗan Saudiyya ba ne kaɗai mai kyau. Nawa na lefe ɗan Dubai ne kuma babu abin da ya same shi.

Hajiya Babba: Ki bari ya shekara goma tukuna, 'yar nan.

Amaryar Bana: Ni tambayata daban. Nawa an buga 750 a ciki, kuma an ce wa angona giram 140,000 ne. Shi ke nan an cuce mu?

Tsohon Yaron Shago: Ya danganta da ranar da aka saya da kuma ko kuɗin aiki yana ciki. In ranar da tsantsa ke 160,000 ne, karat 18 zai kama 120,000. Wasu masu shago ba sa raba lissafin, sai su faɗi kuɗi ɗaya a giram wanda ya haɗe gwal da aiki, kenan 20,000 ɗin da ke sama aiki ne. Ya yi yawa ko bai yi ba, sai na ga irin ƙirar. Shi ya sa nake cewa a sa mai shago ya rubuta a rasit daban-daban: karat nawa, nauyin gwal ban da dutse, farashin giram na ranar, sannan kuɗin aiki. Wanda kuma ajiya yake nufi, ya sayi zobe lami marar dutse, aikinsa ya fi sauƙi kuma duk abin da sikeli ya nuna nasa ne. Hatimin ma ba a dogara da shi shi kaɗai, akwai na jabu, a goga a dutsen gwaji a ɗiga ruwan gwaji a gabanki.

Direban Ringim: Duk wannan bayanin wanke masu shago ne. Ai kai ma ɗansu ne.

Tsohon Yaron Shago: Da ɗansu ne ni da ban tona maganar dutse ba.

Maman Biyu: Rasit ɗina jimilla kawai aka rubuta da nauyin 3.2. Ban sayar ba tukuna, na ƙulle shi a bakin zani na dawo gida. In koma wajensa ne ko in gwada wani shagon? Taki kuma ba ya jira.

Ɗan Maƙera: Ki fara janye kalmar nan tukuna, Yaya.

Direban Ringim: Ba za ta janye ba.

Kawu na Gumel: To tunda ni ne babba, bari in tattara. Abin da aka tsayar shi ne, maƙera ba su da laifi ko kaɗan, kuma an yi musu ba daidai ba da aka ambace su. Kuɗin aiki haƙƙi ne, kowa ya yarda in ban da direba. Maganar dutse kuwa tsakaninta ne da mai shagon, mu ba mu ga sikelin ba. Ni dai har yanzu ina ganin da ragunan suna nan a turke, da yau an kai ɗaya kasuwar Maigatari an sayo takin.

Maman Biyu: Kawu, ban ji an amsa min ba. Gobe da safe motar birni za ta tashi.