Abin da aka tattauna kan takardar ajiye aiki ta ma'aikaciyar jinya

Wata 'yar'uwarmu da ke jinya a wani asibiti a Agege ta samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Legas, ta nemi shawara kan takardar barin aiki. Ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda cewa ta fara duba takardar ɗaukarta aiki, domin a nan aka rubuta wa'adin sanarwa. Idan wata guda ne, to, ta ƙirga daga ranar da ofis ya karɓi takardar ajiye aikin, ta kuma rubuta ranar aikinta ta ƙarshe ƙarara.

2. A rubuta wa shugaban asibiti ta hannun shugabar ma'aikatan jinya, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

3. Godiya ta zama gajeriya, ta ambaci abin da ta koya a ɗakin haihuwa, ba tare da ƙorafin albashi ba.

4. An fi daɗewa kan miƙa aiki. Cewa "zan taimaka" kawai bai wadatar ba. Ya kamata ta faɗi a takardar cewa za ta miƙa makullin akwatin magunguna da littafinsa bayan an ƙirga su gaban shaida, ta kuma zauna da wadda za ta gaje ta su bi bayanan majinyata gado bayan gado. A ganina wannan ya fi komai nauyi, domin idan lissafi ya gaza bayan tafiyarta, sunanta za a kira.

Inda ra'ayi ya rabu shi ne kan ajiye aikin kansa. Wasu sun ce ta fara neman hutun karatu ko da babu albashi, wasu kuma suka ce hutun yakan zo da sharaɗin dawowa aiki na wasu shekaru.